Tari a Bayan Asabari

Ku matso kusa, don maganar nan ba ta ɗaga murya ba ce. Mai ita yana nan cikin shago, kuma kunnensa lafiya lau yake. Kunnen dai na ce.

Gidanmu yana Magama, kusa da inda manyan motoci ke jan layi kafin su tsallaka Nijar. Ni ba mai fita ba ce. Shekarata talatin da wani abu a gidan nan, amma ban taɓa taka wancan gefen ba, duk da cewa da kukan motocinsu nake sanin ƙarfe nawa. Boko kuwa a aji huɗu na tsaya. Ina karanta Hausa a hankali, ina rubutawa kamar yadda kuke gani, Turanci kuma sai dai mu gaisa daga nesa. Abin da Allah Ya ba ni shi ne kunne. Ina daga ɗaki nake gane tukunya ta kusa ƙonewa, ina gane wanda ya yi sallama ko bashi ya kawo shi ko gulma.

Malam, maigidana, mai buga takardu ne. Da tafireta ya fara tun yana saurayi, a gindin bishiya. Da zamani ya juya ya yanki rabin zaurenmu ya yi shago, ya sa kwamfuta da na’urar gurzawa. Tsakanin shagon da cikin gida ƙofa ce ɗaya da asabari, a nan bayanta nake zama in yi ɗinkin hula. Yana da wata al’ada tun ta gindin bishiya: ba ya buga kalma sai ya faɗe ta da baki. Yawancin masu kawo masa aiki ba su karatu, to da kunne suke bin takardarsu. Mutum na zaune kan benci a gefensa, Malam na faɗa yana bugawa, in an yi ba daidai ba mai takarda ya ce a’a, ba haka na ce ba.

Bakin iyaka kuwa, in kun sani, kowa ɗan wani abu ne. ’Yan dako, ’yan kamasho, ’yan canji, ’yan acaɓa, ’yan duwan, wato kwastan na wancan gefe. Ba takardar da za ta fita daga shagon nan babu ’yan a cikinta sau biyar ko goma. Kuma wannan ’yar wutsiya da ake sawa a gaban kalmar, ita ce ta so ta raba mu da tuwo.

A tafireta wutsiyar tsaye take kamar tsinke, ba ta kallon kowa. Kwamfuta kuma ta zo da iyayi. In ka danna alamar sai ta lanƙwasa maka ita don ta yi kyau. A tsakiyar kalma, kamar sa’a ko jama’a, tana lanƙwasawa daidai, kamar ƙaramar tara. Amma in ta ga fili a bayanta, sai ta ɗauka magana za ka buɗe, irin ta wane ya ce kaza, sai ta juya ta ta koma ƙaramar shida. Ka buga ’yan ta ba ka ‘yan. Ka buga ’ya’ya ta ba ka ‘ya’ya, wutsiya biyu suna kallon juna kamar za su yi dambe. Na’urar ba ta jin Hausa, amma ba ta taɓa shakkar gyara wa Bahaushe ita ba.

Malam bai tambayi kowa ba, don shi ba ya tambaya. Ya zauna ya ƙirƙiro dabararsa. Sai ya danna alamar sau biyu, ta farko ta juya baya, ta biyu ta fito daidai. Sai ya koma baya taki ɗaya, ya goge ta farko, ya dawo gaba. Dannawa biyar a kan wutsiya ɗaya. A kunnena haka take: tas-tas, tak, ƙas, tak. Na shekara goma ina jin wannan kiɗa ban san na haddace shi ba.

Shekara uku ke nan da na fara jin wasu abubuwa. Malam zai zuba ruwa a kofi, in ji ƙarar ruwan a kan tabarma kafin ta koma cikin kofin. Mutum zai shigo shago, Malam ya yi ta “sannu da zuwa, sannu da zuwa” ba suna, sai mutumin ya yi magana sannan ya ce, “A’a, Alhaji ne!” Da can tun daga bakin titi yake kiran sunan mutum da na ubansa. Ban ce komai ba. Shi ma bai ce ba. Ya ɗan ƙara girman rubutun fuskar kwamfuta, kaɗan dai, yadda na kan benci ba zai lura ba. Manyan baƙaƙe yana ganinsu, yatsunsa kuma sun san hanya ko a duhu. Wutsiya ce ta ɓace masa. In sauri ya ɗebe shi ya danna sau ɗaya, ba ya ganin ta juya.

A garin nan in aka ce idon mai buga takardu ya tafi, ba wanda zai yi masa rashin mutunci. Za a riƙa gaishe shi da kyau, a yi masa addu’a, a wuce da takarda shagon gaba. Shi ya sani, ni ma na sani.

Wanda zai fara ganowa kuwa shi ne Sakatare. Tsohon hedimasta ne, ya yi ritaya ya zama sakataren ƙungiyar ’yan dako da ’yan kamasho, kuma rabin aikin shagonmu daga hannunsa yake fitowa. Yana da tabarau mai kaurin gindin kwalba da jan biro a aljihun gaba. Mambobinsa in ka ba su takarda a juye ma godiya za su yi maka, amma shi kowace takarda sai ya kai ta gida ya yi mata maki kamar jarrabawa.

Ya kawo babban aiki, kundin dokokin ƙungiya, wanda za a karanta a taron shekara a raba wa kowa. Malam ya buga shafukan farko ya ba shi. Washegari na ji takun takalminsa, na san akwai magana, don a ranar ja da ƙasa yake.

“Malam, mi ya samu ’yan dakona? Duk sun ba ni baya.”

“Wane irin baya, Hedimasta?”

“Ga su nan na zagaye maka. Bakwai a shafi uku. Wanga ya kalli gabas, wanga ya kalli yamma. Ko ƙungiyar ce ta rabu ban sani ba?”

Malam ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Ya ce injin ne. Sakatare ya ce ya san injin ne, amma ai shekara goma injin na nan kuma ba a taɓa yin haka ba. Sannan ya rage murya, wai don kada a ji a cikin gida.

“In ido ya fara gajiya, abokina, ka gaya mani. Ba abin kunya ba ne. Sai in kai wa yaran can na bakin tasha, su ƙarasa.”

“Idona ya fi naka, mai ido huɗu.”

“To, Allah Shi sa. Mu gani a shafi na gaba.”

Sakatare ya tafi. Can Malam ya ci gaba. Yana faɗa yana bugawa: “Duk wani daga cikin ’yan dako…” Na ji tas-tas, tak, ƙas, tak. Lafiya. Ya yi layi biyu, ya zo “kuɗin ’yan kamasho”, na ji tas guda ɗaya, ya wuce abinsa.

Wallahi ban shirya ba. Tari ne kawai ya fito mini.

Ya tsaya. Na ji numfashinsa. Sai na ji ƙas-ƙas-ƙas yana gogewa baya har ya cinye kalmar, sannan tas-tas, tak, ƙas, tak. Ya ci gaba. Bai juyo ba, ni ma ban ɗaga kai daga hula ba.

Haka na samu aiki, ni da aji huɗuna. Ba wanda ya ɗauke ni, ba wanda ya taɓa ambatarsa. Da safe in na ji ya kunna na’ura sai in jawo kujerata bakin asabari. Ya ce ’yan ko ’yar ko ’ya’ya, in kasa kunne. Biyar, in yi shiru. Ɗaya, in yi tari. Ranar da sola ta yi sanyi aka tada janareto, sai in matso har goshina na taɓa asabarin. Girki ya koma sai an tashi sallar azahar. Maƙwabciyata ta aiko a kira ni suna, na ce ƙafa ke ciwo.

Sakatare ya karɓi shafi goma ya dawo da su ba ja ko ɗigo. Har ya ji haushi, na ji a muryarsa. Ya ce, “Yanzu ka dawo hayyacinka.” Sannan ya ce, “Amma uwargida lafiya kuwa? Tarin nan ya daɗe.” Malam ya ce ƙura ce ta motoci. Da yamma Malam ya shigo mini da citta da kanumfari a ƙulle, ya ajiye a gabana, fuskarsa ba alamar wasa, ya ce a dafa a sha. Na dafa na sha. Me zan ce?

Akwai ranar da wani direba mutumin Maraɗi ya zauna jiran takardarsa, ya ga Malam na wannan rawar yatsu, ya ce su a can ba su da wannan wahala, harafin ne da kansa ke da ƙugiya a ka, ƴ, ba wata wutsiya a gefe. Sakatare yana nan. Ya ce, “To ku riƙe ƙugiyarku, mu nan da wutsiya aka koya mana.” Tsakaninsu da inda ake rubuta ƙugiyar bai kai tafiyar da za ta sa ka ji ƙishirwa ba, amma suka yi ta musu kamar ana maganar Makka da Sin. Ni dai ina bayan asabari ina roƙon Allah su yi shiru in ji maɓallai.

Ana cikin haka ɗiyarmu ta fari ta zo wankan jego. A Katsina take aure, tana aiki a ofishin wata makaranta, kullum gabanta kwamfuta. Kun san yadda ake da ɗan fari. Ba na kiran sunanta, ba na zama in yi doguwar hira da ita, in ina son ta ci abinci sai in ce wa bango abinci na hucewa. To ita kuma ’yar zamani ce, kunyar daga gefena kawai take.

Kwana uku tana kwance a ɗaki da jaririnta tana jina. Rana ta huɗu ta fito ta tsaya a kaina.

“Inna, tarin nan naki ba na son shi. Gobe sai asibiti, a duba ƙirjinki.”

Na ce wa hular hannuna ƙura ce.

“Ƙurar da ba ta tashi sai Baba ya kunna kwamfuta? Jiya Juma’a da bai buɗe shago ba, ko sau ɗaya ba ki yi ba.”

Na ci gaba da ɗinkina. Ta jawo tabarma ta zauna kusa da ni tana ba yaro nono. Kunnen nan ashe gado ne. Ba a yi rabin sa’a ba, Malam ya ce “’yan canji”, na ji tas ɗaya, na so in danne tarin amma ya fito. Ta kalle ni. Ta kalli asabari. Ta ajiye mini yaron a cinya ta ɗaga asabarin ta shiga. Sa’ar da aka yi ba kowa a kan benci.

“Baba, mi kake yi haka da dannawa biyar?”

Ya yi mata bayani, da alfahari ma, yadda ya gano dabarar shi kaɗai ba malami. Ta ce, “Kai, Baba! Ai kashe shi ake yi. Wani ɗan akwati ne aka sa wa maki, shi ke lanƙwasa su. Matsa in nuna maka.”

Ya ce ba a taɓa masa inji. Ta ce to shi ya danna, ita ta faɗa masa wuri. Sai na ji ta ce, “Ka ga wannan ta layin sama? Duba, ina ta kalla?”

Na ji kujerarsa ta matsa kusa da kwamfuta. Ni na san wadda take nufi, don ita ce ya gyara yanzun nan, daidai take. Amma ba tarin da ke cewa daidai ne, na kuskure kawai muke da shi.

“Ta juya,” in ji Malam.

Ba ta ce masa a’a ba. Allah Ya yi mata albarka, ba ta ce ba. Sai dai ta ce, “Bari in yi maka, Baba, hannuna ya fi sabawa.” Ya matsa.

Na ƙirga dannawarta, don ƙirga ta zame mini jiki. Ta shiga Fayil, ta gangara can ƙasa wajen saituna, ta shiga sashen duba rubutu, ta buɗe allon gyara da kai, ta zaɓi shafin da ke gyara yayin da kake cikin bugawa, ta cire makin daga akwatin, ta ce to, ta sake cewa to. Takwas. Ta ce ya buga ’yan da dannawa ɗaya. Ya buga. Ta ce ga ta nan a tsaye, 'yan, ba gabas ba yamma.

“Kamar ta tafireta?” ya ce.

“Kamar ta tafireta.”

Ta gaya masa cewa waɗanda aka riga aka buga ba za su miƙe da kansu ba, sai ta sa na’urar ta nemo duk masu lanƙwasa a kundin, na dama da na hagu, ta musanya su da tsayayyu, don kada littafi ya fito rabi da rabi. Ta ce alamun buɗe magana da rufewa su ma yanzu a tsaye za su riƙa fitowa. Duka bai kai lokacin da ruwan shayi ke tafasa ba. Shekara goma na rawar yatsu, wata huɗu na citta da kanumfari, ashe ɗan maki ne a cikin akwati.

Sakatare ya zo ya karɓi kundin gaba ɗaya. Ya kwana biyu da shi. Da ya dawo na ji takunsa a ɗage. Ya ce, “Malam, ka miƙar da su duka.” Malam ya ce ya gaji da iyayin inji ne, ya koma tsarin da. Sakatare ya ce ai dama shi tsayayyar ya fi so, ita ce a takardun gwamnati na lokacinsu, lokacin da ake aiki da gaske. Ya ce ya janye maganar ido, a yafe masa. Ya ƙara da takardun shaidar mambobi, ya ce duka a nan za a yi. An karanta kundin a taro, an raba, an ce ’yan dako sun ji daɗin takardar ƙwarai, tana da kauri, ba ta jiƙewa da wuri in an sa ta ƙarƙashin gammo.

To aiki ya zauna, asiri ya rufu, tarina ya warke rana ɗaya har Sakatare ya tambayi sunan maganin. Sai dai idon yana nan inda yake, kullum ma ƙara ja baya yake. Kafin ɗiyar ta koma ta same ni a madafa. Ta ce yanar ido ce, ta ga farin a ƙwayar idon, kuma ana cirewa a Katsina, mutane na zuwa da jagora su dawo da ƙafarsu. Ta ce, “Na yi masa magana ya ce lafiyarsa lau. Da na sani da ban cire makin nan ba, Inna. Da shi ne zai kai shi asibiti.” Sannan ta kama hannuna, ni da ba na haɗa ido da ita, ta ja ni shago lokacin Malam ya tafi ɗaurin aure Gangara. Ta ɗora hannuna a kan linzamin kwamfuta ta bi da ni wuraren nan takwas har sau uku. Turancin ban san me ya ce ba, amma na san mazaunin kowanne kamar yadda na san inda gishiri yake a ɗakina.

Na ba Malam wata guda. Ranar nan bayan la’asar, yana shan fura, na zauna nesa kaɗan na ce, “Malam, magana gare ni.”

“Ina ji.”

“Ko dai a tafi Katsina a duba idon nan, ko in mayar da makin nan cikin akwatinsa. Kuma in na mayar, na rantse ko ƙura ta shaƙe ni ba zan yi tari ba.”

Ya ajiye ludayi. Wannan ne karo na farko da aka ambaci abin da baki a gidan nan. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ce, “Ke yanzu har kin san inda akwatin yake?”

“Dannawa takwas ne.”

Ya daɗe yana kallon wajen da nake. Ya ce, “Ikon Allah. Na aurar da ɗiya, ta dawo ta koya wa uwarta juyin mulki.” Ya ɗauki ludayinsa. Ya ce za a je, amma a bari a gama takardun shaidar nan tukuna, kada a bar mutane a rataye.

An gama takardun. Ya ce a bari bayan Sallah. Sallah ta wuce, ya ce hanya ba daɗi da damina. Yanzu har an yi girbi an ɗaure dawa, jiya kuma na ji ya gaida buhun gawayi da aka jingine a bakin zaure, har yana tambayarsa mutanen gida. Gobe zai tafi ta’aziyya Farfaru, tun safe har azahar, mabuɗin shago kuma a ƙarƙashin matashina yake kwana. In na mayar da makin, yatsunsa sun riga sun manta biyar ɗin nan, sati ba zai cika ba Sakatare zai zo da jan biro, daga nan kuma ko Katsina ko shagon bakin tasha, ban san wanda zai riga ba. In na bar shi, aiki na nan lafiya lau har ranar da manyan baƙaƙen ma za su ɓace.

Ku da kuka yi karatu kuka san duniya, in ku ne da mabuɗin nan a hannu gobe da safe, za ku mayar da makin ko za ku bar shi?